Cikon Ƙasan Daɓe: Aikin da Kankare Ke Ɓoyewa

Idan ka shiga sabon gida ka ƙwanƙwasa tayil da makulli, sai ka ji wani wuri yana amsawa kamar akwai rami a ƙasa, ko ka ga tsaga ta bi gefen bango ta zagaye falo, mutane kan ce siminti aka rage. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa kankaren ba shi da laifi, ƙasar da aka kwanta shi a kanta ce ta janye jiki ta bar shi a sama. Kankaren daɓe mai kaurin inci huɗu zuwa shida, wanda magina ke kira jaman fulo, ba a yi shi don ya riƙe kansa kamar dakin ba. Yana buƙatar abin da zai tallafe shi a kowane taku, kuma wannan abin shi ne cikon da aka zuba tsakanin bangayen harsashi.

Duk ƙasar da aka haƙo, aka loda a tifa, aka juye, ta riga ta saki jiki, iska ta shiga tsakanin ƙwayoyinta. Wannan iska sai ta fita. Ko dai a fitar da ita da ƙarfi kafin a zuba kankare, ko kuma ta fita da kanta sannu a hankali bayan iyali sun tare, lokacin da ruwan damina ya jiƙa ƙasan gida kuma nauyi ya hau kai.

Bari mu ɗauki falo mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5. Bayan an kankare ƙasar sama, zurfin da ya rage zuwa bakin bulon harsashi santimita 50 ne. Tsarin da ya dace shi ne santimita 30 na jan ƙasa, 15 na fasassun duwatsu, 5 na yashi, sannan leda, sannan kankare. Santimita 30 a kan wannan fili na nufin kubik mita 6 na daɓaɓɓiyar ƙasa, amma don a sami hakan sai an sayi kusan 7 da rabi, domin jan ƙasa kan rage kimanin kashi ɗaya cikin biyar idan aka danne ta yadda ya kamata. Yanzu a ce mai aikin ya juye kubik mita 6 kawai, ya baje da shebur, ya ga ta kai ma'auni. A ido an cika, alhali a cikin santimita 30 ɗin nan kusan 6 iska ce. Ba dukkanta za ta fita ba, amma ko santimita 2 ƙasar ta zauna, ya isa kankare ya rasa matokari, ya tsage a inda ya fi rauni.

Kafin ma a zo ga ciko, sai an cire ƙasar sama, wato baƙar ƙasar nan mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, aƙalla inci shida, ko fiye idan filin tsohuwar gona ce ko juji. Abin da ke ruɓewa yana raguwa, yana kuma gayyato gara. Haka nan ba kowace ƙasa ake cikawa da ita ba. Jan ƙasa mai tsakuwa, irin wadda ake burji da ita, ita ce ta fi. Baƙar lakar fadama ba ta yi, domin tana kumbura da damina ta tsattsage da rani. Mutanen yankin Dikwa da Numan sun san irinta, kuma a can sai injiniya ya duba kafin a yanke shawarar irin daɓen da za a yi. Ƙasar bola kuwa, da ledoji da tsummoki a ciki, arharta ba ta da amfani.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wurin zubawa. Injin daɓe irin na turawa, wanda ake haya a yini, girgizarsa ba ta ratsa ƙasa da nisa. Idan aka juye santimita 30 gaba ɗaya aka bi da shi, sama za ta yi tauri har takalmi ba zai bar sawu ba, ƙasa kuwa tana nan a sake. Shi ya sa ake yi hawa-hawa. A falon namu, a baje kimanin santimita 19, a bi da inji sau huɗu zuwa shida, kowane zubi yana hawa kan gefen na baya, har ta koma 15, sannan a zuba hawa na biyu a maimaita. Idan da hannu za a yi, da guntun kankare ko ƙarfe mai mariƙi, kada hawa ɗaya ya wuce inci huɗu. Hanya mai sauƙi ta kama mai ha'inci ita ce a ja layi da alli a jikin bulo a kowane hawa tun kafin tifa ta iso. Lungu da gefen bango, inda inji ba ya shiga, su ake bi da hannu, kuma can ne ciko ya fi zurfi saboda ramin harsashi. Sai dai kada a matsa wa sabon bango. A bari bulo ya kama, a cike raminsa da kankare, a kuma cike bayansa ta waje, in ba haka ba inji zai iya tura shi.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce aka fi jahilta. Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, ƙwayoyinta suna cije wa juna. Wadda ta sha ruwa da yawa ita ma ba ta daɓuwa, domin ruwan ya cike gurbin iskar, kuma ruwa ba ya matsuwa, sai ka ga ƙasar tana lotsawa a nan tana tasowa a can. Matan da ke daɓen ɗaki da madaɓi sun daɗe da sanin haka, yayyafi suke yi suna bugu, ba ambaliya ba. Wani injiniya Ba'amurke, Ralph Proctor, shi ya mayar da wannan sani ya zama gwaji a 1933, kuma har yau manyan ayyuka kan nemi ciko ya kai kashi 95 cikin ɗari na iyakar daɓuwar da aka samu a ɗakin gwaji. Mai ƙaramin gida hannunsa ya ishe shi. Ka dunƙule ƙasar a tafi. Idan ta warwatse da ka buɗe hannu, tana son ruwa. Idan ta manne a yatsu ko ta yi ƙyalli, ruwa ya yi yawa, a baje ta ta sha iska. Idan ta tsaya a dunƙule, da ka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, to a tayar da inji.

Za ka ji maigini ya ce, "Alhaji, a bar shi ya sha damina, zai zauna da kansa." Ruwa yana zaunar da tsantsar yashi, amma jan ƙasa mai laka takan zauna ne a sama kawai, kuma ba daidai ba. Damina ba ta maye gurbin daɓe.

A kan jan ƙasa ake shimfiɗa fasassun duwatsu, waɗanda magina ke kira hadko. Aikinsu biyu ne. Suna rarraba nauyi, kuma manyan gurabun da ke tsakaninsu ba sa jan danshi sama yadda ƙasa mai laushi ke yi. A hawan santimita 15, dutse kada ya wuce girman dunƙulen hannu, kimanin inci uku zuwa huɗu, kuma a haɗa da ƙanana don su cike tsakani. Manyan duwatsu da aka jera kawai suna barin kogo, wata rana yashin sama ya zurare ciki. Falon namu zai ci kubik mita 3 bayan daɓe. Ɓaraguzan tsohon kankare suna yi idan da tsafta, amma ban da katako, ban da guntayen farar silin ɗin nan ta fi'ofi, domin sinadarin da ke cikinta yana cin siminti idan ya sami danshi. Ingancin dutsen kansa ba wasa ba ne. A ƙasar Ailan, a shekarun 2000, an cika ƙasan dubban gidaje da dutse mai wani ma'adini da ke kumbura idan ya haɗu da iska da danshi, daɓe ya yi ta ɗagowa yana fasa bango, har gwamnati ta yi doka a 2013 don gyara su.

Yashin da ke biyo baya ba don ƙarfi ake sa shi ba. Toshe bakin duwatsu yake yi, ya rufe kaifinsu don kada su huda leda. Inci biyu ya isa, kubik mita 1 ke nan a falonmu, a yayyafa ruwa a bi da inji sau ɗaya ko biyu. Kada a yi amfani da shi wajen gyara cikon da bai kai ma'auni ba, domin yashi mai kauri yana gudu a ƙarƙashin ƙafa. Idan za a fesa maganin gara, yanzu ne lokacinsa, kuma duk bututun ruwa da na masai ya kamata a ce an binne su, an gwada su, an daɓe raminsu tun kafin nan. Haƙa cikon da aka gama don neman hanyar bututu yana mayar da aiki baya.

Leda tana hana danshin ƙasa hawowa, wanda shi ke sa kafet wari, fenti ya kumbura a gindin bango, farin gishiri ya fito. Tana kuma hana busasshen yashi tsotse ruwan kankare ranar zubi. Ana son mai kauri, wadda ake kira geji 1200, wato milimita 0.3. Siririyar da ake lulluɓe kaya da ita ba ta kai wa ƙarshen zubi ba ta yage ba. Inda falle biyu suka haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya da aƙalla inci shida, ƙafa ɗaya ma ta fi, a liƙe da tef. A gefe kuma ta hau kan bulo ta haɗu da shingen danshin da ke cikin bango, domin idan ta tsaya a gindin bango, danshi zai zagaye ta. Saboda haka fili mai murabba'in mita 20 zai ci kusan 26 na leda. A yanka ta daidai wuyan kowane bututu a naɗe da tef.

Ranar zubi ce leda ta fi shan wahala. Baro, bakin shebur da tsinin ragar ƙarfe duk suna huda ta. A shimfiɗa katako inda baro zai bi, a ɗora ragar a kan ƙananan guntayen kankare don ta zauna cikin zubin, a kuma sa mutum ɗaya riƙe da tef yana gaban masu zubi yana liƙe duk hujin da ya gani.

Wannan tsari yana da iyaka. Idan fili gangare ne har ciko ya wuce santimita 60, ƙa'idar gina gidaje a Birtaniya cewa take a daina dogara da shi, a yi daɓe mai rodi wanda bangaye za su ɗauka. A nan gida ana wuce wannan zurfin kullum, musamman a unguwannin da ake ɗaga harsashi saboda ambaliya, kuma idan ciko ya doshi mita ɗaya, kuɗin kiran injiniya ya duba bai kai na fasa tayil da kankare a sake ciko daga baya ba.