Kafin a Haƙa Harsashi: Yadda Ake Kafa Kusurwoyin Gini da Na'urar Safiyo

Kafin lebura ya sari ƙasa da diga, sai an san inda kowace kusurwa ta ginin za ta zauna. Maginanmu sun daɗe suna yin wannan da zare da tef: su auna mita uku a gefe guda, huɗu a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da biyar, kusurwa ta fita daidai. Wannan dabara tana aiki a ƙaramin gida. Amma idan gini ya yi faɗi, ko yana da ginshiƙai da yawa, ko dole ya zauna a takamaiman wuri kusa da iyakar maƙwabci ko bakin titi, sai a kira safiyo da na'urarsa da ake cewa total siteshan.

Na'urar tana zama bisa ƙafafu uku, kuma abu biyu take aunawa: yawan juyawar da aka yi da ita daga wata fuska zuwa wata, da nisan da ke tsakaninta da wani ɗan madubi mai suna firizim, wanda mataimaki ke riƙewa a kan sanda. Tana aika haske ya bugi firizim ɗin ya dawo, daga nan ta fitar da nisa. Ba ta san taswirar gini ba, ba ta san inda take ba, sai abin da aka gaya mata. Abin da ake gaya mata kuwa lambobi ne biyu ga kowane wuri: nisansa ta gabas, wanda allonta ke nunawa da E, da nisansa ta arewa, wanda yake nunawa da N. Su ne masu aikin ke kira kodinet.

Mu ɗauki gini mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15, wanda bai fuskanci gabas sosai ba, ya ɗan karkata yana bin titi. Ga lambobin kusurwoyinsa huɗu da na turaku biyu da aka riga aka kafa da kankare a gefen fili:

```
     E          N
S1   1000.000   2000.000
S2   1000.000   2050.000
A    1010.000   2010.000
B    1026.000   2022.000
C    1017.000   2034.000
D    1001.000   2022.000
```

Safiyo mai hankali ba ya fita fili sai ya gwada waɗannan lambobi a takarda. Daga A zuwa B akwai mita 16 ta gabas da 12 ta arewa. A ninka 16 da kanta, a ninka 12 da kanta, a haɗa, an sami 400, wato 20 sau 20. Tsawo ya dace da taswira. Daga A zuwa C, wato awon gicciye daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, akwai 7 da 24, wanda ke ba da mita 25. Daga B zuwa D ma 25 ne. Wannan gwaji na minti biyar shi ke kama lambar da aka kwafa ba daidai ba, ko inda aka musanya E da N. A nan ne kuma ya kamata a tambayi injiniya ko lambobin na fuskar bango ce ta waje ko na tsakiyar ginshiƙi. Da bulo mai inci tara, bambancin ya haura santimita goma a kowane gefe.

A fili, ana kafa na'urar a kan S1. Akwai ɗan tabarau ko jan haske da ke kallon ƙasa, da shi ake tabbatar da cewa tsakiyarta ta hau kan ƙusar turken. Sai a daidaita ta har kumfar da ke cikin ɗan gilashinta ta tsaya a tsakiya. Ana taka ƙafafun su nutse sosai, domin a ƙasa mai yashi ƙafa ɗaya kan ci gaba da nutsewa a hankali ana tsakiyar aiki.

Sai mataki mafi nauyi. An gaya wa na'ura tana kan S1, amma har yanzu ba ta san ina ne arewa ba. Mataimaki zai tsaya da firizim a kan S2, safiyo ya saita shi, ya gaya mata lambobinsa. A misalinmu S2 na arewa sak, nisan mita 50. Idan ta auna ta ba da 50.002, ba laifi. Idan ta ba da 50.030, a dakata. Wataƙila turke ya motsa, wataƙila kuma lambar firizim ce ba daidai ba, domin kowane irin firizim yana da 'yar lambar gyara da ake shigarwa, wani sifili, wani -30 na milimita, kuma in aka shigar da ta wani, duk nisan da aka auna ranar zai kauce da santimita uku.

Daga nan aiki ya zama na magana tsakanin mutum biyu. An zaɓi A, na'ura ta yi lissafi ta ce a juya digiri 45 daga arewa zuwa gabas, nisa mita 14.142. Safiyo ya juya ta har abin da ya rage a allo ya koma sifili, ya sa mataimaki ya shiga layin. "Matsa dama kaɗan. Tsaya nan." Ya auna. "Zo gaba santimita talatin." Ya sake aunawa. Idan abin ya rage 'yan santimita, sai a buga fegi na katako mai faɗin kai, a ɗora firizim a kansa, a ci gaba da matsawa milimita-milimita har a sami wurin, a sa alamar fensir, a buga ƙaramar ƙusa. Fegi ba shi ne kusurwa ba, kan ƙusar ce. Bayan an buga ta a sake aunawa, domin guduma kan ture fegi. Wurin da aka fi yin ɓarna a nan shi ne sanda: mai tsawon mita biyu in ta karkata digiri ɗaya tak, firizim ya bar ƙusa da milimita 35. Shi ya sa a awon ƙarshe ake amfani da guntun firizim da ke kusa da ƙasa. Haka za a bi B da C da D.

Yanzu ƙusoshi huɗu na ƙasa, sai a ɗauko tef na ƙarfe. Wasu na ganin ba sai an yi ba, tunda na'ura mai tsada ta riga ta auna. Ban yarda da wannan ba. Amfanin tef shi ne bai dogara da komai na abin da aka shigar wa na'ura ba, don haka kuskurenta ba zai biyo shi ba. Za a auna gefuna huɗu, 20 da 15 da 20 da 15, sannan gicciye biyu, kowanne 25.

Ga yadda ake karanta sakamakon. A ce gefuna sun fita daidai, amma A zuwa C ya ba da 25.016, B zuwa D ya ba da 24.984. Ginin ya zame ke nan: bangon baya ya gusa wajen milimita 20 ta tsawonsa, kusurwoyi biyu sun buɗe, biyu sun matse. Da ido ba za ka gani ba, sai ranar da mai tayil ya iso bango ya tarar layinsa na ƙarewa da yanka mai tsini, ko kafinta ya ga rufi bai hau ba. Idan kuwa gicciye ɗaya ne ya kauce tare da gefunan da suka haɗu a kusurwa guda, to wannan kusurwar ce za a sake kafawa. Kuma daidaiton gicciye biyu shi kaɗai bai isa ba. Gini mai gaban mita 20 da bayan mita 19.9 zai iya ba da gicciye biyu iri ɗaya in ya tsuke daidai ta ɓangarorin biyu. Dole a auna duka shidan, a kuma gwada su da abin da lissafi ya bayar. Yawan saɓanin da za a lamunta yana cikin takardar ƙa'idar aikin; a gini irin wannan, abin da ya wuce milimita biyar ya cancanci a nemi dalilinsa.

Tef ma yakan yi ƙarya in ba a iya riƙe shi ba. Lambobin taswira na shimfiɗaɗɗen nisa ne. Idan C ta fi A tudu da mita ɗaya aka kwantar da tef a ƙasa, zai nuna 25.020, a yi ta neman kuskuren da babu shi. A riƙe shi a miƙe, a ja shi da ƙarfi kada ya yi ciki. Zafi ma na miƙa ƙarfe: tef an yi shi ne ya yi daidai a digiri 20, to a ranar bazara mai digiri 40 zai nuna mita 25 da ragin kusan milimita shida.

Wani lokaci duk awo shidan sukan gaza kaɗan tare, ko su ɗara tare. Wannan yakan fito ne daga lambobin taswirar ƙasa na tsarin UTM, wanda ke matse nisa a wasu wurare don ya shimfiɗa doron duniya a takarda. Kano, alal misali, na cikin shiyya ta 32, kusa da layin tsakiyarta na digiri 9 gabas, inda ake ninka nisa da kusan 0.9996. A mita 25 wannan santimita ɗaya ne. Idan an zana ginin da awonsa na gaskiya amma aka bar wannan gyara a kunne cikin na'ura, ƙusoshi za su fita a buɗe da kusan haka. Shi ya sa a filin gini aka fi son lambobin gida irin na misalinmu, a bar ma'aunin a kan 1.

Akwai kuma abin da awon gicciye ba ya gani sam, kuma shi ya fi tsada. Gicciye na shaidar siffar gini ne kawai, ba ya shaidar mazauninsa. A ce tifa ta taka S2 ta gusar da shi santimita biyar gefe. Nisansa daga S1 zai ci gaba da nuna mita 50, don haka gwajin farko ba zai kama shi ba. Amma arewar da aka nuna wa na'ura ta karkace, ginin gaba ɗaya zai juya, kusurwar C da ke nisan mita 38 ta gusa da milimita 38. Gefuna za su fita daidai, gicciye biyu su ba da 25 cif, ginin kuwa ba ya inda ya kamata. Maganin wannan shi ne turke na uku. Bayan an saita S2, a auna wani wuri da aka san lambobinsa, a ga ko na'ura za ta dawo da su. A ƙarshen aiki a sake leƙa S2 a tabbatar ba a bugi ƙafar na'ura ba. Sannan a auna da tef daga kusurwoyi biyu zuwa turakun iyakar fili, a gwada da tazarar da taswira ta nuna.

Fegin kusurwa ba ya daɗewa, domin a daidai wurinsa za a haƙa rami. Kafin a fara haƙa, ana kafa katako a kwance bisa ƙafafu biyu, mita ɗaya ko biyu a wajen layin haƙa, a miƙa layin kowane bango zuwa kansa da ƙusa. Inda zare biyu suka gitta juna, nan kusurwa take. Bayan an zuba kankaren farko a ƙasan rami, a sauko da kusurwoyin kansa a sake awon gicciye kafin a ɗora bulo ko ɗaya.

Mai gini, ba sai ka iya sarrafa na'urar ba. Ranar da za a kafa maka kusurwoyi, ka halarta, ka nemi a auna gefuna huɗu da gicciye biyu a gabanka, ka tambayi safiyo da wane turke na uku ya gwada, ka kuma karɓi lambobin a rubuce da sa hannunsa kafin ka ba da izinin haƙa.