Fuskar Amarya, Hannun Wata: Yadda Ake Daidaita Launin Fata a Gyaran Hoto

Duk wanda ya saba duba hotunan biki ya san irin hoton nan. Amarya ta sha kwalliya, ta ɗora hannu a kunci don a ga ƙunshinta, fuska tana ta sheƙi, fara tas. Amma da ido ya sauka kan hannun sai ka rantse na ƙawarta ne aka aro. Wuya kuwa ya yi duhu, har ana iya bin layin da ya raba shi da haɓa. 'Yan uwa su karɓi albam suna yaba kyau, can wata gwaggo ta ce, "Wai wannan 'yar tamu ce kuwa?"

Yawanci ba kyamara ce ta jawo hakan ba. A wurin gyara abin yake faruwa, lokacin da mai gyaran hoto ya ware fuska ita kaɗai ya yi mata aiki: ya share ƙuraje, ya lallausa fata, ya haskaka ƙarƙashin ido da goshi, ya ƙara ɗan ɗumi a launi. Kowane mataki ƙanƙane ne, shi ya sa ba ya ganin ɓarnar. Ga shi kuma ya zuƙo hoton har fuskar ta cika allo, wuya da hannu ba sa gabansa balle ya kwatanta. Idon mutum yana saurin sabawa da launin da ya daɗe yana kallo, bayan ɗan lokaci fatar da ta koma ruwan ɗorawa sai ta zama daidai a wurinsa. Tacen kwalliya na wayoyin hannu ma haka yake yi, don yawancinsa fuska kawai yake nema, sauran jiki ba ruwansa.

Sai dai kafin a taɓa komai, fatar jikin mutum ba launi ɗaya ba ce. Bayan hannu ya fi fuska shan rana da ruwa da sabulu, gaɓoɓin yatsu sun fi duhu, tafin hannu kuma ya fi haske. Wuya yana cikin inuwar haɓa, yana kuma ɗaukar launin abin da ke kusa da shi: jan leshi ya zuba masa ja, koren mayafi ya shafa masa kore. A kan wannan mai kwalliya ta zo ta shafa fandeshan da hoda a fuska, sau da yawa waɗanda suka fi fatar amarya haske, kuma ba kowace ce ke sauko da shi har wuya ba. Ke nan tazarar tana nan tun a ɗakin kwalliya, gyaran kwamfuta faɗaɗa ta yake yi.

A nan ne masu koyo suke yin kuskuren da ya fi yawa. Da sun ga wuya ya yi duhu sai su haska shi har ya kamo fuska. Sakamakon bai fi na farko kyau ba: inuwar haɓa ta ɓace, kai ya zama kamar an yanko shi an manna a kan jiki. Ido ya san wuya yana cikin inuwa, ba ya damuwa idan ya fi fuska duhu. Abin da ba ya yarda da shi shi ne a ce fuska tana karkata zuwa ruwan ɗorawa, hannu yana karkata zuwa ja, wuya kuma ya yi toka-toka. Don haka aikin biyu ne, kuma a rabe ake yin su. Haske a bar shi ya bambanta gwargwadon yadda fitila ta faɗo. Jinsin launin ne ake so ya zo kusa da juna a ko'ina.

Tunda ido na yaudara, gara a auna. A Photoshop akwai `Color Sampler Tool`, yana ɓoye ƙarƙashin `Eyedropper Tool`. Kafin ka dasa alama, canza `Sample Size` daga `Point Sample` zuwa `11 by 11 Average`, ko `31 by 31 Average` idan hoton babba ne. Dalili shi ne fata tana da ƙofofin gashi da ɗigo-ɗigo, ɗigo ɗaya tak ba zai faɗa maka gaskiyar wurin ba. Sai ka buɗe `Info` da maɓallin `F8`, ka mayar da karatun kowace alama zuwa `Lab Color`. Ba sai ka sauya tsarin hoton kansa ba, karatun kawai kake sauyawa. Mai aiki da Lightroom Classic zai samu irin wannan idan ya danna dama a kan `Histogram` ya zaɓi `Show Lab Color Values`.

Amfanin `Lab` shi ne ya raba abin da muke son rabawa. `L` haske ne zalla, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 100 fari fat. `a` yana nuna ja idan lambar ta hau, kore idan ta faɗi ƙasa da sifili. `b` kuma ruwan ɗorawa ne a sama, shuɗi a ƙasa. A fatar mutum, baƙi ne ko fari ko wankan tarwaɗa, `a` da `b` duka suna sama da sifili a hasken da aka daidaita, kuma galibi `b` yana ɗan fin `a`. Idan ka raba `b` da `a`, amsar da ka samu ita ce ke nuna inda launin ya karkata.

Inda aka dasa alamar ma yana da muhimmanci. A fuska, nemi gefen kunci ko goshi inda babu ƙyallin fitila, babu jan hodar kumatu. A wuya, kauce wa tsakiyar inuwar haɓa da kuma gefen sarƙa. A hannu, tsakiyar bayan hannu, nesa da gaɓoɓi, nesa da zanen lalle. Lalle, ja ko baƙi, ba fata ba ne. Duk wanda ya auna a kansa zai ɓata lissafinsa.

Mu ɗauki misali, a ce amarya ce wankan tarwaɗa, an ɗauke ta a situdiyo da fitila ɗaya daga gefen sama. Kafin gyara, kuncinta yana ba da `L` 42, `a` 15, `b` 21. Bayan an haskaka an ɗumama, ya koma 52, 13, 27. Wuya ba a taɓa shi ba, yana 33, 14, 17. Hannu kuma 38, 18, 18. Ka raba `b` da `a`: fuska ta haura 2, wuya yana wajen 1.2, hannu 1 daidai. Ga cutar nan a fili. Fuskar ta yi ruwan ɗorawa sosai, hannun ya yi ja, tsakanin hasken fuska da na wuya kuma akwai tazarar 19, alhali da farko 9 ce.

Daga fuska ake fara magani, domin ita ce ta gudu ta bar sauran. Idan an yi gyaran a leya daban-daban, a tattara su cikin rukuni ɗaya a rage `Opacity` zuwa kusan rabi. Kuncin zai dawo wajen 47, 14, 24. Har yanzu ɗorawar ta ɗan yi yawa, sai a buɗe `Curves` a kan fuskar kaɗai, a zaɓi `Blue`, a ɗaga tsakiyar layin kaɗan, tunda ƙara shuɗi rage ɗorawa ne. Da `b` ya sauko 21 a tsaya. A ganina wannan matakin ne ya fi wuya, ba don dabara ba, sai don mai gyara ba ya son rage aikin da ya sha wahala a kansa, wani lokacin kuma masu hoton ne da kansu suka ce a ƙara musu haske.

Wuya yana buƙatar leya biyu. Ta farko `Curves` ce da aka sa a `Luminosity`, domin ta taɓa haske ba tare da ta jirkita launi ba. A ɗaga shi daga 33 zuwa wajen 39, a bar shi ƙasa da fuska. Ta biyu a sa ta a `Color`, a rage `Blue` ƙiris, a rage `Red` ƙiris, har a samu kamar `a` 13, `b` 18. Akwai iyaka a nan da ya kamata masu gyaran hoton baƙar fata su kiyaye. Inuwa mai zurfi ba ta da cikakken bayanin launi, idan aka tilasta mata haske da yawa sai ta fito toka-toka, da burbushi, kamar ƙafar da ba ta ga mai ba a lokacin hunturu. Da ka ga alamar haka, ka koma baya.

Hannu ba ya son `Curves` sosai, jujjuya launi yake so. A buɗe `Hue/Saturation`, a zaɓi `Reds`, a matsa `Hue` zuwa dama kaɗan, wajen +4 ko +5, abin da zai karkata jan zuwa ɗorawa. Ana neman wajen `a` 16, `b` 20, sannan a ƙara masa ɗan haske. Amma fa lallen amarya ja ne, zai bi sahu ya koma launin lemo idan ba a cire shi daga `Layer Mask` ba. Haka jan farce da zoben zinare. A yi fentin da burushi mai taushin baki, `Hardness` a 0, `Flow` wajen 10, ana bi a hankali, kuma a bar gaɓoɓin yatsu da ɗan duhunsu. Hannun da gaɓoɓinsa suka yi haske ɗaya da sauran fata ba ya kama da na mai rai.

Yanzu rabon ya zama 1.5 a fuska, kusan 1.4 a wuya, 1.25 a hannu. Ba su zo daidai ba, kuma ba a so su zo daidai cif. Hannu mai ɗan ja fiye da fuska abu ne da ido ya saba gani.

Saura dubawa. Ɗora leyar `Black & White` a sama na ɗan lokaci: launi zai tafi, sai a ga ko akwai layin haske a gefen muƙamuƙi, inda gyaran fuska ya tsaya. Kashe ta, ka ɗora `Hue/Saturation` ka ja `Saturation` sama sosai. Hoton zai yi muni, amma duk inda launi ya saɓa zai yi kururuwa, kuma a nan ne ake kama wuraren da aka manta: kunne, gefen goshi kusa da ɗaurin ɗankwali, ƙirji, da ɗaya hannun da ke riƙe da jaka. Daga nan a goge leyoyin gwajin, a ƙanƙanta hoton zuwa girman da zai fito a waya, domin a haka yawancin mutane za su gan shi, kuma a ƙaramin hoto bambancin fuska da hannu ya fi fitowa.

Wani abin ya fi ƙarfin wannan lissafi. Idan mutum yana shafa man bilicin, fuska da gaɓoɓin yatsu sun riga sun yi nisa da juna a zahiri, kwamfuta za ta iya rage tazarar ne kawai, idan aka matsa sai fatar ta zama fenti. Haka idan a zauren biki hasken filasha ya faɗa kan fuska, hannu kuma yana ƙarƙashin fitilu masu launin shuɗi ko shunayya. Wannan haske iri biyu ne, kuma gyaransa ya fi sauƙi tun a wurin ɗauka: a matsar da amarya daga ƙarƙashin fitilun, ko a roƙi mai kwalliya ta sauko da fandeshan zuwa wuya kafin a fara.