Kaya Suna Kan Ruwa: Yadda Ake Faɗa wa Mai Kaya Cewa Za a Makara

"Kaya suna kan hanya." Duk wanda ya taɓa ba da kafin alƙalami a Kantin Kwari ko Singa ya san wannan magana. Tana iya nufin tirela ta wuce Zariya, gobe da safe za a sauke. Tana kuma iya nufin kwantenar tana can a wata tashar jiragen ruwa a China, ko jirgi ba ta hau ba. Mai saye bai san wanne ake nufi ba, sau da yawa kuma shi mai sayarwar ya fi so a bar shi a haka.

Makarar kaya ba abin kunya ba ce ga mai shigo da su. Tsakanin masana'antar da ke Guangzhou da shago a Kano akwai hannaye da yawa, kuma ɗan kasuwa ba shi da iko a kan mafi yawansu. Abin da ke hannunsa shi ne ranar da zai buɗe baki ya faɗa, da sabuwar ranar da zai sa, da dalilin da zai bayar. A nan ne ciniki yake tsira ko ya lalace.

A ɗauki misali da farkon shekarar 2025, domin kalandar shekarar ta matse 'yan kasuwar yadi sosai. Sabuwar shekarar China ta faɗo ranar 29 ga Janairu, azumi ya kama ranar 1 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris. Bikin sabuwar shekarar China ba hutun kwana ɗaya ba ne. Ma'aikata suna watsewa garuruwansu tun kafin ranar, masana'antu da yawa ba sa komawa aiki sosai sai bayan mako biyu ko fiye, kuma a makonnin da ke gabansa kowa yana rige-rigen samun gurbi a jirgi.

A ce wani mai shigo da atamfa a Kano ya karɓi rabin kuɗin dila goma daga wata Hajiya da ke sarar kaya a Katsina. Lissafinsa mai kyau ne. Jirgi zai tashi ranar 3 ga Janairu, ya yi kamar mako shida a ruwa, ya iso Legas tsakiyar Fabrairu. Fitar da kwantena daga tasha mako biyu, hanyar Legas zuwa Kano kwana huɗu. Sai ya ce mata ranar 5 ga Maris kayanta suna sito. Ita ma ta je ta yi wa nata masu sayen alkawari, domin atamfar Sallah a farkon azumi ake sayenta. Kafin a sha ruwa goma sha biyar teloli da yawa sun daina karɓar ɗinki.

Sai masana'anta ta kasa gama aikin a kan lokaci. Jirgin 3 ga Janairu ya tafi, na bayansa duk sun cika, ejan ɗinsa na can ya ce gurbin da ya samu sai 14 ga Fabrairu. Wannan labari ya iso wa ɗan kasuwar wajen 20 ga Janairu.

Daga wannan ranar ya san atamfar ba za ta ga Sallah ba. Abin da zuciya take raya wa mutum shi ne ya yi shiru, tunda akwai sauran mako shida kafin ranar alkawari, wataƙila Allah ya kawo wata hanya. Amma waɗannan makonni shidan na Hajiya ne. Idan ta ji labarin a Janairu, tana da lokacin karɓar kuɗinta ta sari wata atamfar a kasuwa kafin farashi ya ɗaga da shigowar azumi. Idan sai ranar 5 ga Maris ta ji, jarinta ya kwana a hannun wani a lokacin da ya fi kowane lokaci riba a shekara, kuma mutuncinta ya zube wajen matan da ta yi wa alkawari. Shirun da ɗan kasuwar yake ganin ya sauƙaƙa masa, ita ce take biyan kuɗinsa.

Sabuwar rana kuwa ba a cikin kai ake tsinto ta ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙara mako ɗaya a kan tsohuwar rana don a kwantar wa mutum da hankali, mako ya cika a sake ƙara wani. Mai saye yakan yafe makara ta farko. A ta biyu yana fara tambayar wasu a kasuwa, a ta uku kuwa ko gaskiya aka faɗa masa ba ya yarda. Abin da ya kamata shi ne a koma inda kayan suke a yau, a ƙirga matakan da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Jirgi ya tashi 14 ga Fabrairu, mako shida a ruwa ya kai 28 ga Maris. Wannan bakin Sallah ne, kuma gwamnati ta ba da hutun 31 ga Maris da 1 ga Afrilu, saboda haka makonni biyun fitar da kaya za su kai wajen 13 ga Afrilu. Hanya kwana huɗu, 17 ga Afrilu ke nan. A kan wannan mai hankali zai ɗora mako guda, domin jirgi yakan tsaya a wata tashar kamar Lome, ko ya yi kwanaki yana jiran wurin sauka a Legas, ko kwastan su ce sai an buɗe kwantena an duba, ko tirela ta lalace a hanyar Mokwa. Ranar da zai faɗa ita ce Alhamis, 24 ga Afrilu. Idan kaya sun riga ranar isowa, babu wanda zai yi fushi.

Irin wannan labari kira ake yi a faɗa da baki, musamman ga wanda aka daɗe ana ciniki da shi. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, maganar za ta iya zama haka:

"Hajiya, magana ce mara daɗi na kira in faɗa miki tun da wuri. Atamfarki ba za ta iso ranar 5 ga Maris ba, kuma ba za ta samu Ƙaramar Sallah ba. Masana'anta ba su gama da wuri ba, jirgin da muka shirya ya tafi ya bar mu, ga hutunsu ya shigo. Gurbin da muka samu 14 ga Fabrairu ne. Na yi lissafi, in sha Allahu ranar Alhamis 24 ga Afrilu kaya suna sitona. Ranar 15 ga Fabrairu zan kira ki in tabbatar miki ko jirgin ya tashi, in turo miki lambar kwantena. Ki yi haƙuri. In kina son kuɗinki, a satin nan zan mayar miki. In kuma za ki bar su don Babbar Sallah, farashin da muka yi yana nan."

Labarin mara daɗi ne a gaba, ba a binne shi a ƙarƙashin dogon bayani ba. Akwai "in sha Allahu", kamar yadda ya dace da Musulmi mai maganar gobe, amma tana tare da rana da wata. Matsalar tana zuwa ne idan aka bar ta ita kaɗai ta tsaya a madadin rana. Malaman fiƙihu ma da suka yi bayanin cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, sun sa sanin ajali a cikin sharuɗɗansa. Bayan an ajiye waya, yana da kyau a maimaita ranar da zaɓin da aka yi a rubuce ta WhatsApp, saboda bayan wata biyu kowa yakan tuna abin da ya fi masa daɗi.

Wurin da aka fi zamewa shi ne dalili. Kwastan suna shan zargin da ba nasu ba, domin kowa ya san ana samun jinkiri a Apapa da Tin Can, kuma ba mai zuwa ya tambaye su. Sau da yawa ainihin dalilin yana gida: ɗan kasuwa bai cika wa masana'anta kuɗinsu ba saboda dala ta tashi, kamar yadda ta yi ta hauhawa bayan an saki darajar naira a Yunin 2023, ko kuɗin fito bai haɗu ba, kwantena tana zaune a tasha tarar kwana tana taruwa a kanta. Faɗin wannan yana da nauyi a baki, amma ƙaryar tana da saurin tonuwa a yau. Kowace kwantena tana da lamba, haruffa huɗu da alƙaluma bakwai, kuma duk wanda ya sa lambar a shafin kamfanin jirgin zai ga ranar da aka loda ta da inda take. Wanda aka ce masa kwastan sun riƙe kaya, ya duba ya ga jirgi bai ma iso ba, ya gama da wannan ɗan kasuwar. Mai saye ma yana iya gane inda aka dosa: idan dalili yana sauyawa a kowane kira, ko aka ƙi ba shi lambar kwantena, akwai abin da ba a faɗa masa ba.

Dalilin gaskiya yana da wani amfani da ya wuce wanke kai. Da shi mai saye yake auna ko sabuwar ranar za ta tsaya. Jirgin da ya tashi yana da ranar isowa, amma kuɗin da bai haɗu ba ba shi da rana, kuma Hajiya tana da haƙƙin sanin a kan wanne take jira. Wannan bai wajabta wa ɗan kasuwa ya tona sirrin sana'arsa ba. Ba sai ya faɗi sunan masana'anta ko farashin da ya saro ba. "Cikon kuɗin ne ya makara daga wajena, na tura ranar Litinin" ya wadatar.

Akwai kuma lokacin da babu ranar da za a iya faɗa da gaskiya. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka fara buɗe su. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufe iyakar ƙasashen biyu, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Ɗan kasuwar Kano da ke da kayan mutumin Maraɗi ko Damagaram a sito a irin wannan hali, duk ranar isowar da ya faɗa ƙirƙira ce. Amma yana da ranaku biyu da suke hannunsa. Zai iya cewa duk Juma'a zai kira ya faɗi halin da ake ciki, ko da babu sabon labari, sannan ya sa iyaka: idan ƙarshen wata mai zuwa ya yi hanya ba ta buɗe ba, zai sayar da kayan a Kano ya tura wa mai su kuɗinsa, ko ya ci gaba da ajiye su idan mai kayan ne ya zaɓi haka.