Wace Rana Ce Ciniki Ya Haura Matsakaici?

A ce mai shagon kayan masarufi ya rubuta cinikinsa na kwana shida a Excel. Layin B na buhunan shinkafa ne, daga B2 zuwa B7: 10, 12, 11, 14, 13, sai 36 ranar kasuwa. Layin C na sukari ne, D na taliya. Tambayarsa ɗaya ce: a kowane kaya, wace rana ce ciniki ya haura matsakaici?

Galibi hannu kan tafi ga Color Scales, don yana ƙawata ido. Sai dai ba ya amsa wannan tambaya. Mai launi uku yana kafa tsakiyarsa ne a kan lambar da ke tsakiyar jeri, wato 12.5 a nan, alhali matsakaicin shinkafar 16 ne, 96 a raba gida shida. Saboda haka 13 da 14 za su fara karkata zuwa launin sama, ga shi kuwa ba su kai ba. Idan kuma aka haɗa layukan uku, sai ya auna buhun shinkafa da katan ɗin taliya da mudu ɗaya.

Fomula ita ce ke yanke hukunci: ko ya haura, ko bai haura ba. Ka zaɓi B2 zuwa D7, kana farawa daga B2. A ƙarƙashin Home ka shiga Conditional Formatting, sai New Rule, sai Use a formula to determine which cells to format, ka rubuta:

```
=B2>AVERAGE(B$2:B$7)
```

Ka danna Format ka zaɓi launi ɗaya tak. A layin shinkafa, 36 kaɗai za ta sami launi.

Duk aikin yana wurin alamar `$`. Da aka sa ta gaban 2 da 7, ta ɗaure farko da ƙarshen jerin. Harafin B kuwa an bar shi sake, don idan dokar ta isa layin C ta ɗauki matsakaicin sukari. Idan ka rubuta `$B$2:$B$7`, komai za a auna shi da 16 ɗin shinkafa. Idan ka cire alamar gaba ɗaya, jerin zai riƙa zamewa ƙasa, har 36 ta tarar da kanta kaɗai take gasa da kanta. Da zarar ka ga lamba mafi girma ba launi, can za ka fara dubawa.

AVERAGE yana tsallake gidan da babu komai, amma yana ƙirga sifili. Ranar da shago yake rufe ka bar gidan fayau, kada ka rubuta "hutu", domin Excel na ɗaukar rubutu ya fi kowace lamba, zai kuwa shafa masa launi. Jimillar da ke ƙasan jeri ma kada ka sa ta cikin fomular.