Takardar Dillali Ba Rahoton Ƙiyasi Ba Ce

Akwai wata takarda da masu tara kayan daraja ke adanawa a akwati da ƙwarin gwiwa: layi biyu, tambarin shago da sa hannun dillalin da ya sayar musu da kayan. "Tukunya ɗaya ta Ladi Kwali, naira miliyan kaza." Mai ita ya ɗauka ya gama da batun inshora. Sai ranar da gobara ta tashi ko ɓarawo ya haura katanga, jami'in tantance asara ya juya takardar gaba da baya, ya tambaya: "Alhaji, wace tukunya ke nan?" Abin haushi, mutumin da zai kwana yana cinikin mota sai ya ga lambar inji, shi ne ke karɓar wannan takarda ba tare da ya ce uffan ba.

Rasit yana faɗin abin da aka biya ne a wata rana. Rahoton ƙiyasi kuwa ana rubuta shi domin ranar da kayan ba sa nan, kuma mai karanta shi bai taɓa ganinsu ba. Daga nan duk sauran sharuɗɗan suka samo asali.

A ɗauki misalin tukunyar. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta rasu a 1984. Ta gina tukwane masu yawa, kuma akwai wasu mata a cibiyar da suka yi aiki mai kama da nata. Don haka kalmar "tukunya" ba ta nuna komai. Rahoton kirki zai ce tulun ruwa ne ginin hannu, an gasa shi da wuta mai ƙarfi, an yi masa shafen ƙyalli. Zai ba da tsayi da faɗi a santimita, ya bayyana zanen da aka tsaga a jiki, ko ƙadangare ne ko kifi ko kunama. Zai faɗi inda tambarin LK yake da tambarin cibiyar, da hoton kowanne daga kusa, ban da hotunan gaba da baya da gindi, da ma'auni a gefe. Wannan ba ƙirƙirar kamfanonin inshora ba ce. Tun 1997 aka fito da tsarin Object ID na bayanin kayan tarihi da fasaha, wanda 'yan sanda da gidajen tarihi ke amfani da shi wajen neman kayan sata, kuma kusan waɗannan tambayoyin ya ƙunsa.

Wurin da masu kaya suka fi tirjewa shi ne bayanin aibi. Ba sa son a rubuta cewa bakin tulun ya ɗan gutsure, ko an taɓa liƙe tsaga a wuyansa, wai kada darajar ta faɗi. Alhali gutsuren nan shi ne shaidar da za ta raba tulunsu da na kowa in an kama shi a hannun wani. Kuma in ya fashe aka tattara gutsattsarin aka ga tsohon gam, kamfani na da hujjar cewa an ɓoye masa gaskiya, wanda hakan kan iya rushe yarjejeniyar baki ɗaya.

Sai tarihin mallaka: daga wa aka saya, yaushe, da wace shaida. A Najeriya wannan sashe yana da haƙora, domin dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta taƙaita saye da sayar da kayan tarihi na da. Wanda ya ajiye gunkin Nok ba takardu, matsalarsa ta wuce ta inshora.

Yanzu batun kuɗin, inda kuskuren ya fi girma. Mutane na ɗauka abu yana da farashi ɗaya. Ba haka ba ne. Akwai abin da mai kaya zai samu in ya kai gwanjo, bayan an cire la'ada, akwai kuma abin da zai kashe in yana neman makamancinsa daga hannun dillalin kirki cikin ɗan lokaci. Na biyun, wato kuɗin maye gurbi, yawanci ya fi yawa, kuma shi ake so a inshora. Dole rahoto ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa an yi shi domin inshora, ya faɗi wace irin daraja aka auna, da wace kasuwa aka duba. Kasuwar ayyukan Ladi Kwali ta fi ƙarfi a Birtaniya, don haka mai ƙiyasi zai kawo cinikin tukwanenta biyu ko uku da aka yi kwanan nan, da gidan gwanjon da rana da farashi, ya bayyana dalilin da ya sa wannan ya fi su ko ya gaza su. Zanen Tutu na Ben Enwonwu ya kai fam miliyan 1.2 a gwanjon Bonhams na Landan a 2018, amma wannan bai mai da kowane aikin Enwonwu na miliyan ba. Rahoton da ya jingina ƙaramin zane da wannan cinikin, ba tare da bayani ba, abin zargi ne.

Ranaku ma biyu ne: ranar da aka duba kayan da ranar da darajar ke aiki. In an juya fam ko dala zuwa naira, a rubuta canjin da aka yi amfani da shi. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a hukumance, cikin 2024 ta haura 1,400. A ce mutum ya yi wa tarinsa inshorar naira miliyan 10 bisa tsohon rahoto, alhali maye gurbinsa yau zai ci miliyan 25. Gobara ta cinye kayan miliyan 5. Idan yarjejeniyar na ɗauke da sharaɗin raba asara gwargwadon abin da aka yi wa inshora, kashi 40 cikin ɗari kawai ya rufe, don haka miliyan 2 za a ba shi. Kumbura farashi ma ba riba: zai biya kuɗin shekara mai yawa, a ranar diyya kuma a auna ainihin asarar. Mafita ita ce a nemi kamfanin, na inshora ne ko na takaful, ya amince da darajar kowane abu a rubuce tun farko, a lissafa su ɗaya-ɗaya da jimilla a ƙasa, a kuma sabunta rahoton duk shekara biyu zuwa uku, ko da zarar naira ta yi babban motsi.

Shafin ƙarshe na mai ƙiyasin ne: cikakken suna, adireshi, ƙwarewarsa a irin waɗannan kaya, ƙungiyar sana'ar da ke iya hukunta shi, da sa hannu. Zai bayyana ko ya riƙe kayan da hannunsa ko hoto kawai ya gani, da abin da ya ɗauka a matsayin gaskiya ba tare da gwaji ba. Zai kuma shaida cewa ba shi da wata maslaha a kayan, kuma ladansa bai rataya ga adadin da ya rubuta ba. Ƙa'idojin USPAP na Amurka sun haramta irin wannan ladan ƙarara. Wanda ya ce a ba shi kashi biyu cikin ɗari na abin da ya ƙiyasta, ko ya ƙiyasta sannan ya ce "in za ka sayar, ina so," a gode masa a nemi wani.

Da rahoton ya kammala, kwafi ɗaya ya tafi kamfani, ɗaya banki ko gidan ɗan'uwa, a kuma ɗauki hotonsa a ajiye a imel. Masu kaya da yawa suna ajiye shi a cikin kabad ɗin da kayan suke.