Manhaja Ta Ce Ba Ita Ta Rubuta Ba

Tun daga ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin da ChatGPT ta fito, malaman jami'a ke kwana da wata damuwa: jingar da ɗalibi ya kawo, shi ya rubuta ko na'ura ce ta rubuta masa? Ba a yi wata biyu ba sai ga masu cewa sun samo magani. Wani ɗalibin Jami'ar Princeton, Edward Tian, ya fitar da GPTZero a Janairun 2023. A watan Afrilu kuma kamfanin Turnitin, wanda jami'o'i da yawa suka daɗe suna amfani da shi wajen kama satar rubutu, ya ƙara tasa manhajar tantancewar. Malami zai zuba rubutun ɗalibi a ciki, cikin ƴan daƙiƙoƙi sai lamba ta fito, ta ce kashi kaza cikin ɗari na wannan aiki ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta. Da wannan lamba aka kayar da ɗalibai, wasu da haƙƙinsu, wasu kuwa ba su ji ba ba su gani ba.

Ga wani ɗan labari da na shirya domin a ga yadda abin ke faruwa. Mu ɗauka wata ɗaliba ce a aji uku, an ba su jinga da Turanci a kan matsalolin manoman rani. Ita ta zaɓi tumatir, domin kawunta manomi ne a yankin Kura. Ta je hutun ƙarshen mako, ta zauna da shi a bakin gona, ta cika rabin littafin rubutu da abin da ya faɗa mata: yadda kowa ke girbi a lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas, wasu su yanyanka nasu su shanya a ƙasa don kada su tashi a tutar babu. Ta dawo ta yi mako biyu tana bugawa a waya, ta miƙa. Da sakamako ya fito sai ta ga sifili, da saƙon cewa ta je ofishin malamin kwas. Manhaja ta ce kashi 70 cikin ɗari na aikinta ba rubutun mutum ba ne.

Kafin mu bi ta ofishin, ya kamata mu san abin da wannan lamba ke aunawa. Mutane da yawa suna zaton manhajar tana da wani rumbu da take duba abin da ChatGPT ta taɓa rubutawa, ta kwatanta. Ba haka ba ne. Manhajar kama satar rubutu ta dā tana iya nuna wa malami littafin da aka kwafo, har da sakin layin. Wannan sabuwar ba ta da abin nunawa. Kintace take yi, ta hanyar duba yadda kalmomi ke bin juna. Idan na ce “Allah ya ba da…”, kusan kowa zai ƙarasa da “sa'a”. Idan na ce “lafiya…”, za a ce “lau”. Na'urorin da ke rubutu da haka suke aiki: a kowace gaɓa suna karkata ga kalmar da aka fi tsammani. To mai tantancewa sai ta juya lissafin. Rubutun da kalmominsa ke zuwa yadda ake tsammani, kuma jimlolinsa suka yi kusan tsawo ɗaya, sai ta jingina shi ga na'ura. Wanda kuma ke da kalmomin ba-zata, doguwar jimla nan, gajera can, sai ta ce na mutum ne. Shi ya sa a 2023 aka zuba wasu sassa na kundin tsarin mulkin Amurka a irin waɗannan manhajoji, suka ce na'ura ce ta rubuta, alhali an rubuta shi tun 1787.

A nan abin ya shafe mu kai tsaye. Wane ne ke rubuta Turanci da kalmomin da aka fi tsammani, da jimloli masu tsari ɗaya? Wanda ya koyi Turancin a aji, ba a gida ba. Yaron da aka horar don jarrabawar kammala sakandare an koya masa yadda ake buɗe muƙala, da kalmomin haɗa sakin layi, da yadda ake rufewa, kuma an ja masa kunne kada ya yi amfani da kalmar da bai tabbatar da ita ba. Wannan taka-tsantsan ɗin shi ne manhajar ke ɗauka a matsayin alamar na'ura. Masu bincike a Jami'ar Stanford, cikinsu har da Weixin Liang da James Zou, sun gwada haka a 2023. Sun ɗauki muƙaloli 91 da waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta don jarrabawar TOEFL, suka zuba su a manhajojin tantancewa guda bakwai. A matsakaicin lissafi, sama da kashi 61 cikin ɗari aka ce na'ura ce ta rubuta. Muƙalolin yaran Amurka ƴan aji takwas kuwa kusan duka aka gane na mutane ne. Da masu binciken suka sa aka ƙawata kalmomin muƙalolin farko, sai zargin ya ragu sosai. Wato dai ƙarancin kalmomi ake hukuntawa.

Mu koma ga ɗalibarmu. Ta shiga ofis jiki na rawa, ta gaishe da malamin, ta ce, “Malam, wallahi ni na rubuta.” Malamin ya san rantsuwa ba hujja ba ce, domin wanda ya yi satar ma haka zai ce. Amma ya san lambar da ke gabansa ita ma ba hujja ba ce. Sai ya ce ta zauna. Bai fara da tuhuma ba. Ya tambaye ta, “Me ya sa kika zaɓi tumatir?” Ta ba shi labarin kawunta. Ya buɗe shafi na uku, ya rufe sakin layi ɗaya da hannu, ya ce ta faɗa masa da Hausa abin da take nufi a wurin. Ta faɗa, har ta ƙara da abin da ta cire saboda tsawo, wato kuɗin motar da ke kai kaya Kudu. Ya tambaye ta littattafai biyun da ta ambata a ƙarshe, ta ce ɗaya a laburare ta same shi, ɗayan kuma ta sauke shi a waya, ta nuna masa. Wannan tambaya tana da nauyi, domin ɗaya daga cikin alamun gaskiya na aikin da na'ura ta rubuta shi ne littafi ko muƙalar da babu su a duniya: suna mai kyau, shekara, shafi, amma in an nema ba a samu.

Daga nan ta ciro littafin rubutunta, da tabon laka a bangonsa. Da yake a Google Docs ta buga aikin, malamin ya buɗe shi a kwamfutarsa, ya shiga File, sannan Version history, sannan See version history. Nan tarihin aikin ya bayyana rana bayan rana: sakin layi biyu ranar Talata da dare, gyare-gyare ranar Alhamis, jimlar da aka rubuta aka goge aka sake rubutawa. Wanda ya kwafo daga na'ura, galibi shafuka uku ko huɗu za a ga sun faɗo a minti ɗaya. Da ya duba wuraren da manhajar ta yi wa alama, sai ya ga mafi yawansu gabatarwa ce da kammalawa da bayanin ma'anar kalmomi, wuraren da kowane ɗalibi ke bin tsarin da aka koya masa. Inda take kawo maganar kawunta ba a taɓa ba. Ya soke sifilin, ya duba aikin kamar na kowa, ya ba ta makin da ta cancanta, har ya rage mata a inda hujjarta ta yi rauni.

Duk wannan bai wuce minti ashirin ba. Na san abin da malamai za su ce: mai ɗalibai ɗari huɗu a kwas ɗaya ina ya ga minti ashirin ga kowa? Gaskiya ne, amma ba kowa za a zauna da shi ba, sai wanda ake shirin hukuntawa. Kuma hanyar malamin ita ma tana da iyaka. Ɗalibi mai wayo zai iya sake buga rubutun na'ura da hannu a hankali don tarihin ya yi kyau. Ɗaliba mai kunya kuma za ta iya daburcewa gaban malami ko da ita ta rubuta, shi ya sa barin ta ta yi bayani da Hausa yake da amfani. Wanda ya buga aikinsa a shagon buga takardu ba shi da tarihin komai sai takardar hannunsa. Don haka babu alama ɗaya da ta isa. Haɗuwarsu ce ke ba da gamsuwa.

Su kansu masu sana'ar sun amsa raunin kayansu. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar tantancewa a Janairun 2023, ya kuma bayyana cewa kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane laifi. A watan Yuli ya janye ta saboda rashin inganci. Turnitin ya ce kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta yi lissafi a kan wannan iƙirari: ta tura takardu 75,000 a 2022, kashi ɗaya cikin ɗari na nufin kusan takardu 750 za a iya zarga bisa kuskure. A watan Agustan 2023 ta kashe manhajar. Idan muka kawo lissafin ajin nan mai mutum ɗari huɗu, ɗalibai huɗu ke nan a kowace jinga, ko da an yarda da lambar kamfanin yadda take. Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle zaton da zai sa mutum maimaita kwas ko ya gurfana gaban kwamitin ladabtarwa.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba. Ɗaliban da suka ji tsoro sun fara lalata rubutunsu da gangan, suna cusa kurakurai ko kalmomin da ba su dace ba don manhaja ta yarda cewa mutane ne. Masu satar kuwa sun san manhajojin da ke sauya kalmomi, suna wucewa lafiya.

Ɗalibai, ku riƙa adana takardun da kuka fara tsara aiki a kansu, ku yi rubutu a inda tarihin gyara ke zama, ku kuma tabbatar duk littafin da kuka ambata kun gan shi da idonku. Idan an zarge ku, ku nemi a yi muku tambayoyi a kan aikin. Malamai da shugabannin sassa kuma, a rubuta doka a fili cewa lambar manhaja kaɗai ba za ta kayar da kowa ba, kuma duk ɗalibin da aka zarga sai an zauna da shi an saurare shi kafin a taɓa makinsa.