Auna Sharhi a Jerin Manazarta

Jerin manazarta mai sharhi shi ne wanda ake kawo sunan kowane littafi ko maƙala, sannan a bi shi da ɗan taƙaitaccen tsokaci. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su tsaya ga bayyana abin da littafi ya ƙunsa, alhali abin da ake nema shi ne su auna shi. Hanya mafi sauƙi da malami zai gane bambancin ita ce ya tambayi kansa: shin za a iya rubuta wannan tsokaci ta hanyar duba bango da shafin ƙumshiya kawai? Idan za a iya, to bayani ne, ba sharhi ba.

Mu ɗauka ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau yana bincike kan karin harshen Zamfara, ya kuma sanya ƙamusun G. P. Bargery na 1934 cikin jerinsa. Sai ya rubuta cewa: “Wannan babban ƙamusu ne na Hausa zuwa Ingilishi, yana da kalmomi masu yawa da amfani ƙwarai.” Babu ƙarya a nan, sai dai bai gaya mana komai game da bincikensa ba. Kalmar “amfani” yabo ce da ba ta da hujja.

Wani ɗalibin kuma ya rubuta cewa: “Bargery yakan nuna yankin da wasu kalmomi suka fito, kamar Sakkwato ko Katsina, don haka zan kwatanta su da waɗanda na tattaro a Tsafe da Bunguɗu. Amma tunda an wallafa shi a 1934, ba zai nuna kalmomin aro na bayan wannan lokaci ba, kuma ba zai tabbatar mini cewa har yau ana cewa hwari maimakon fari ba. Wannan sai na ji daga bakin masu magana.”

A tsokaci na biyu akwai abubuwa uku da malami zai ba maki. Na farko, ya faɗi ƙarfin littafin tare da dalilin da za a iya buɗe shafi a tabbatar. Na biyu, ya nuna iyakarsa. Na uku, ya danganta shi da tambayar bincikensa.

Sai dai a lura, suka kaɗai ba ita ce sharhi ba. Ɗalibin da ya ce ƙamusun “ya tsufa” ya yi shiru, bai fi mai yabo ba, domin ga mai nazarin tarihin kalmomi tsufan nan shi ne darajarsa. Saboda haka, duk hukuncin da babu “domin” a bayansa, malami ya ja masa layi, ya mayar wa ɗalibi ya kawo dalili.